Gwaji na 4: Aliyasin a Sautin da Aka Naɗa da MATLAB

Gabatarwa

Kwamfuta ba ta ajiye sauti yadda yake gudana a iska. Auna shi take yi a kai a kai, tana adana kowane awo a matsayin lamba, wato samfur. Yawan samfurin da ake ɗiba a daƙiƙa guda shi ne fs, yawan kaɗawar sautin kansa a daƙiƙa kuwa shi ne mitarsa, f. Ƙa'idar da ta samo tushe daga aikin Harry Nyquist na 1928, wadda Claude Shannon ya tabbatar a 1949, ta nuna cewa ba a iya dawo da sigina yadda yake sai idan fs ya haura ninki biyu na mita mafi girma da ke cikinsa. Shi ya sa faifan CD ke amfani da 44,100 Hz, tunda jin ɗan Adam yana tsayawa ne wajen 20,000 Hz.

Idan aka saɓa wa wannan ƙa'ida, mitar da ta wuce fs/2 ba ɓacewa take yi ba. Shigar burtu take yi, ta bayyana a matsayin wata mita ta ƙasa wadda babu ita tun asali. Wannan shi ne aliyasin. Abin da ya fi muni game da shi kuwa, da zarar ya shiga cikin samfurin babu filtar da za ta raba shi da sautin gaskiya, domin lambobin ɗaya ne sak.

A wannan gwaji mun kunna sauti mai mita 3,000 Hz ta lasifika, muka naɗe shi da makirufo na tsawon daƙiƙa 2 a kan 48,000 Hz, sannan muka rage yawan samfurin:

```matlab
r = audiorecorder(48000,16,1);
recordblocking(r,2);
x = getaudiodata(r);
y1 = downsample(x,6);
y2 = downsample(x,12);
```

Da gangan muka zaɓi `downsample`, saboda zubar da samfur kawai yake yi ba tare da tacewa ba. Ragewar farko ta ba da 8,000 Hz, inda iyaka, wato fs/2, take 4,000 Hz, don haka sautin zai tsira. Ta biyu ta ba da 4,000 Hz, iyaka ta sauko 2,000 Hz, kuma lissafi ya nuna sautin zai koma |3000 − 4000| = 1,000 Hz.

Mun fifita naɗaɗɗen sauti a kan wanda aka ƙirƙira da `sin` domin na zahiri yana zuwa da hayaniyar ɗaki da ninke-ninken mitar da lasifika kan haifar. Ninki na biyu, 6,000 Hz, idan akwai shi, zai koma 2,000 Hz ko da a kan 8,000 Hz, matakin da a takarda ake ganin ba shi da matsala.

Manufar gwajin ita ce a auna inda ƙololuwar kowane sigina ta faɗa da `fft`, a saurare shi da `sound`, sannan a kwatanta da sakamakon `decimate`, wanda ke tace mitocin sama kafin ya rage samfur.