Neman gafara ga aminiyata mai jego

Maradi, daren Talata

Assalamu alaikum ƙawata,

Barka da sauka lafiya, barka da arziki. Ina gajiyar suna? Yaya ruwan zafi, yaya jaririya? Allah Ya raya mana ita bisa tafarkin Musulunci, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaishe mini da Inna da maigida.

Yau kwana 5 da suna, ban zo ba, ban kira ba. Na san kin lura, don duk wanda ya shigo gidan nan ranar Alhamis sai da ya tambaye ki ina nake. Wayar na ɗauka ya fi a ƙirga, in kai kan lambarki sai hannuna ya mutu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan takarda na ba ɗiyata ta kawo miki, don abin da bakina ya kasa faɗi ya iso gare ki kafin ƙafata ta iso.

Ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari. Kin haihu ranar Alhamis, na zo likita na ɗauki yarinyar da hannuna tun ba a yi mata wankan farko ba. Washegari Juma'a na ce miki zan leƙa Yamai in karɓo atamfofi da lesukan da na riga na biya kuɗinsu, in dawo Talata, ya zama ina da Laraba sukutum ta aikin gida. Kika riƙe mini gefen mayafi kika ce in bari sai bayan suna. Na yi dariya na ce ai ko da rarrafe zan iso. Wannan maganar ita ke ta yi mini yawo a kai.

Da na je, kayan ba su iso ba. Aka ce Litinin, Litinin ta zo aka ce Talata da yamma. A nan ne na yi kuskuren. Tikitin Talata da asuba yana cikin jakata, da na hau da komai bai faru ba. Amma na zauna ina lissafin jaka 400 da na zuba, ina tsoron in na juya baya a ba wata kayana, sai na ce bari in ƙara kwana ɗaya. Na karɓi kaya, na hau motar Laraba da asuba. Mun wuce Doso lafiya, mun wuce Dogon Dutsi, kafin mu kai Ƙonni mota ta tsaya cikin daji. Tun azahar ake kwance injin ana ɗaurawa har rana ta faɗi. A bakin hanya muka kwana, na shimfiɗa zane bisa ɗaurin atamfofin nan. Da gari ya waye, daidai lokacin da na san maza sun taru a ƙofar gidanku ana raba goro da dabino, liman zai shafa fatiha, ni ina zaune ina kallon tayar mota. Sai da aka aiko wata motar muka tashi, muka bi Madawa da Gidan Rumji, ban shigo Maradi ba sai bayan isha'i.

Ban faɗi wannan don ki ɗora wa mota laifi ba. Mota ta saba lalacewa, kuma duk mai bin hanyar nan ta sama da kilomita 600 ya san ba a yi mata alkawarin awa. Ni na san haka fiye da kowa, shekara nawa ina bin ta. Laifin nawa ne tun ranar Talata, da na auna kaya da sunan ɗiyarki na bar kaya suka rinjaya. Na ƙara wani laifin a kai da na iso na shige ɗaki na yi shiru, alhali daga unguwarmu Zariya zuwa unguwarku Bagalam kabu-kabu ɗaya ne. Kunya ce ta riƙe ni, amma kunyar da ta bar mai jego tana zaton an yi banza da ita ba ta da wani amfani.

Abin da ya karya mini zuciya gaba ɗaya shi ne saƙon ƙanwarki da na gani da wayata ta samu caji. Ta ce an raɗa wa yarinya sunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, kuma ke da maigida kun ɓoye mini ne don in ji shi daga bakin sanƙira a tsakiyar taro. Ƙawata, na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo tana tambayar ko rasuwa aka yi. Shekara 11 kina jiran haihuwar nan. Ni na raka ki awo, ni na san maganganun da kika haɗiye a gidajen bikin mutane kina murmushi. Ranar da Allah Ya share miki hawaye, kika ɗauki ɗiyar da kika samu da ƙyar kika maida mini uwata, ni kuwa ba ni wurin.

Na kuma san gurbin da na bari. Ni ce aka ce zan zauna kusa da ke in riƙe littafin biki, in rubuta wadda ta kawo zane da wadda ta kawo sabulu ko kuɗi, don ranar ramawa kada a ji kunya. Ni ce zan tsaya kan tukwane a raba tuwo da shinkafa gida-gida. An ce mini Inna ce ta tsaya kan murhu da ciwon gwiwarta tun safe har la'asar. Wannan ma sai na durƙusa gabanta daban. Ankon da muka zaɓa tare a babbar kasuwa yana nan a ninke bisa akwatina, tela ya gama shi tun kafin in tafi, ko gwada shi ban iya yi ba.

Ban manta ba, lokacin rasuwar mahaifiyata kin bar gidanki kin tare wurina har sadakar bakwai. Ke kika riƙa karɓar masu gaisuwa in na kasa magana, ke kika riƙa tilasta mini shan fura. Ba ki taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Wadda ta yi mini haka ba ta cancanci abin da na yi mata ba.

Don Allah, don darajar zaman da muka yi tun muna tallar ƙuli-ƙuli a ƙofar tasha, ki yafe mini. Ba na cewa ki huce yau. In kina da magana a ciki ki faɗa mini ita a fuska, ko gaban Inna ne, zan sunkuyar da kai in saurara, ba zan kawo hanzari ba.

Suna ya wuce, ba ni da ikon dawo da shi, amma jego yana nan da saura. In kin yarda, daga jibi Alhamis har ranar arba'in ni zan riƙa zuwa da sassafe in hura wutar ruwan wanka, in samo ganyen dogon yaro, in dama miki kunun kanwa, Inna ta samu ta huta. Na riga na yi magana da mai kawo itace, kuma na sa an daka yaji. Kayan barkana suna nan na haɗa, turmi biyu da kayan jaririya, amma ban ba yarinya ta kawo ba, don kada ya zama kamar da zane nake neman rufe bakinki. Da hannuna nake so in ajiye su gabanki.

Gobe Laraba bayan la'asar zan zo. In kin ce in shigo, in shigo in ɗauki uwata in goya ta. In ranki bai sauka ba tukuna, ki aiko yaro zaure ya gaya mini, zan koma gida in sake dawowa jibi.

Taki,
ƙawarki ta Zariya