Wasiƙa kan ƙullutun da aka gani a huhun Malam Garba

Sashen Hoton Cikin Jiki,
Sakkwato.
14 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Dakta Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da Malam Garba, manomin albasa daga Wurno mai shekara 58, wanda ka turo mana saboda ciwon kwiɓi, muka yi masa siti-sikan na ciki ranar 12 ga wata. Zatonka ya tabbata, domin akwai tsakuwa mai milimita 5 a bututun fitsari na hagu, kuma bayaninta yana cikin rahoton da na haɗo.

Abin da ya sa ban tsaya ga rahoton kaɗai ba shi ne, hoton ya kamo ƙasan huhu, kuma a huhun dama na ga wani ɗan ƙullutu guda mai milimita 7, cikinsa a cushe, gefensa sumul. Ba shi da alaƙa da ciwon da ya kawo shi. Yawancin irinsa ba daji ba ne, sau da yawa ma tabon tsohon tarin fuka ne, amma takardarka ta nuna ya shekara 30 yana shan taba, kuma hoto ɗaya ba ya nuna ko ƙullutu yana girma.

Saboda haka ina ba da shawarar a yi masa siti-sikan na ƙirji gaba ɗaya bayan wata 6, ba tare da allurar rini ba, kamar yadda ƙa'idojin Fleischner na 2017 suka tanada. Idan bai canza ba, a maimaita tsakanin Mayu da Nuwamba na 2026. Hoton ƙirji na yau da kullum ba zai wadatar ba, ko da ya fi araha, domin abu mai wannan ƙanƙanta yakan ɓuya a cikinsa. Kafin nan, a gwada kakinsa idan yana tari, a kuma tambaye shi ko yana da tsohon hoto da zan kwatanta.

Babbar damuwata ita ce, da zarar tsakuwar ta fita ciwo ya lafa, ba lallai mu sake ganinsa ba, balle in damina ta sauka aikin gona ya kankama. Shi ya sa na ajiye masa 14 ga Mayu, 2025. Ina roƙonka ka zauna da shi da ɗansa da ya rako shi, ka yi musu bayani ba tare da tsoratarwa ba, ka kuma taɓo maganar barin taba. In ya fara tarin jini, ko rama, ko zazzaɓin dare, kada a jira Mayu, ka turo shi nan take.

Allah ya ba shi lafiya.

Naka abokin aiki,
Dakta Bello,
Likitan hoton cikin jiki.