Takardar Soke Rajistar Zama Mamba

Unguwar Tarauni, Kano.
3 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Manajan Gidan Motsa Jiki,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa na soke rajistata mai lamba 0472, saboda an yi mini canjin wurin aiki zuwa Sakkwato.

Sashe na 6 na yarjejeniyarmu ya ce: “Mamba na iya janyewa idan ya bayar da sanarwar kwana 30 a rubuce.” Ke nan rajistar za ta ƙare ranar 2 ga Afrilu. Kuɗin Maris, naira 15,000, na riga na biya, don haka kada a sake cirar komai daga asusuna.

Ina roƙon ku aiko mini da takardar tabbatar da sokewar, mai sa hannu da hatimi, cikin mako guda.

Na gode,
Hadiza Lawal