Amsar Tambaya ta 3: Tsarin Turawa da Tsarin Jawowa a Harkar Samar da Kaya

Tambaya: Kwatanta tsarin turawa da tsarin jawowa, tare da misalai daga abinci da tufafi. (Maki 20)

Amsa:

Abin da ya raba su shi ne wanda ke tayar da aiki. A tsarin turawa, hasashe ne: mai kaya ya ƙiyasta abin da za a saya, ya samar, ya tura kasuwa. A tsarin jawowa kuwa, ba a motsawa sai mai saye ya nema.

Akasarin kayan gona turawa ake yi, don ba yadda za a yi. Manomin tumatir a Kadawa ba zai jira odar Legas kafin ya yi dashe ba, watanni ne tsakanin shuka da ɗiba. In kaka ta yi, kowa ya ɗebo lokaci ɗaya, kwanduna su cika kasuwa, farashi ya karye, wanda ya kwana biyu a mota ya ruɓe. Hatsi ya fi jure wannan tsari, shi ya sa 'yan kasuwar Dawanau ke cika sito da masara da gero su jira bazara. Ribar turawa ita ce arahar yin kaya da yawa, kuma mai saye ya tarar da su a ƙasa. Illarsa kwantai, kuɗin ajiya da jarin da ya kwanta.

Mai shayi misalin jawowa ne: ba ya fasa ƙwai sai an ce "soya min biyu". Asara kaɗan ce, amma dole a jira, kuma in jama'a suka taru layi ya yi tsawo.

A tufafi, dilan Kantin Kwari kan yi odar atamfa da shadda watanni kafin Sallah. In launin bai karɓu ba, sai a karyar. Tela ba ya sa almakashi sai ya auna mutum, don haka ba ya kwantai. Matsalarsa daren Sallah, lokacin da ɗinki ya fi ƙarfin kekensa ya fara saɓa alkawari. Kamfanin Zara na ƙasar Sifen ya karkata ga jawowa: yana ɗinka kaɗan-kaɗan, shaguna su sanar da abin da ke tafiya, a ƙaro cikin 'yan makonni.

A ganina, jawowa zalla ba ta cika samuwa ba. Shi kansa mai shayi tun da yamma ya sayi kiret ɗin ƙwai da burodi bisa hasashe. Don haka ainihin shawarar ita ce inda za a sa iyaka tsakanin tsarin biyu. Kamfanin Benetton na Italiya ya yi suna da saƙa rigunan sanyi ba rini, sai ya ga launin da kasuwa ke so sannan ya rina: saƙar ta bi tsarin turawa, rinin kuma tsarin jawowa.