Bayani ga odita kan gyaran inbois INV-2291 da ya shiga leja sau biyu

4 ga Fabrairu, 2025

Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki.

Na ga tambayarka ta jiya kan shigarwa mai lamba REV-0318, wadda ka zagaye da jan biro a lejar masu kawo mana kaya, ka ce in yi maka bayanin dalilin da ya sa aka rage bashin saplaya da 924,000 a rana ta ƙarshe ta shekara alhali babu biya kuma babu takardar rangwame daga wajensa. Gaskiya tambayar a kan hanya take, ni ma da na ga irin wannan ranar 31 ga Disamba a littafin wani sai na tsaya a kai. Toh ga yadda abin ya faru tun daga farko.

Saplayan shi ne mai lamba V-0412 a sistem, wanda yake kawo mana kwalaye da sauran kayan ɗaure kaya. Ya kawo kaya ranar 25 ga Nuwamba 2024 a kan oda PO-1176, sito suka ƙirga suka karɓa suka fitar da takardar karɓar kaya GRN-0954. A ranar ya turo inbois ɗinsa ta imel, lamba INV-2291, kuɗin kaya 840,000, harajin VAT 84,000, jimla 924,000. Ranar 27 ga Nuwamba aka shigar da shi ta hanyar da ta dace, wato aka haɗa oda da takardar karɓar kaya da inbois aka ga duk sun yi daidai, sistem ya ba shi lamba AP-5520. Wannan shigarwar lafiyarta ƙalau, ba a taɓa ta ba, kuma ita aka biya ranar 20 ga Disamba ta banki.

Matsalar daga takardar hannu ta taso. Direban saplayan ya sake zuwa da wasu kaya ranar 3 ga Disamba sai ya taho da asalin inbois ɗin na takarda ya bari a sito, su kuma sito suka haɗa shi da sauran takardun ranar suka aiko ofis, babu hatimin da ya nuna an riga an shigar, saboda mu kwafin imel muka buga muka yi wa hatimi muka sa a fayil. Ma'aikacin da ke shigar da inbois a ranar ya nemi odar a sistem ya ga an rufe ta, to maimakon hakan ya sa ya tsaya ya tambaya, sai ya ɗauka ko kaya ne da aka saya ba tare da oda ba, ya bi ta hanyar inbois mara oda ya shigar, ya zuba kuɗin kai tsaye a asusun kashe kuɗin kayan ɗauri. Kuma wajen buga lambar ya rubuta INV2291, ya bar ɗan layin nan da ke tsakiya. Sistem ɗinmu idan zai duba maimaici lambar saplaya da lambar inbois kawai yake kwatantawa harafi da harafi, dan haka a wajensa INV-2291 daban INV2291 daban, bai yi gargaɗi ba, ya ba shi lamba AP-5603.

Ni ne na duba jerin shigarwar wannan rana na sa hannu, kuma ban lura ba. Ya kamata in tambayi yadda saplayan da kullum sai da oda muke sayen kaya a wajensa ya fito a layin marasa oda da kuɗi masu yawa haka. Na faɗa wa manajan kuɗi haka, kai ma ina faɗa maka, saboda kar rahoton ya nuna kamar mutum ɗaya ne ya yi kuskuren, matakin dubawa ma bai kama ba.

Ranar 8 ga Janairu muna daidaita lissafinmu da sitatimen ɗin masu kawo kaya na ƙarshen Disamba sai na ga lejarmu tana cewa V-0412 yana binmu 2,310,000, shi kuma sitatimen ɗinsa yana cewa 1,386,000. Bambancin 924,000 cif. Da na ga adadin na san inbois guda ne, dan da wuya tarin ƙananan kurakurai su haɗu su ba da adadin da ya yi daidai da wani inbois har da harajinsa, sai na jera inbois ɗinsa na Nuwamba da Disamba bisa adadi, nan take biyun suka fito a jere, rana ɗaya, kuɗi ɗaya, bayanin kaya ɗaya. Na ciro takardun biyu na ajiye gefe da gefe, takarda ɗaya ce, ɗaya kwafi ɗaya asali. Na kuma je sito na tabbatar kaya sau ɗaya suka shigo a kan wannan oda, GRN guda ce.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kuɗi bai fita sau biyu ba. AP-5603 yana cikin jerin biyan da aka tsara na 17 ga Janairu, a ranar da na gano na sa masa takunkumin biya aka cire shi daga jerin. Sitatimen ɗin banki na Disamba da Janairu suna cikin fayil ɗin, za ka ga 924,000 sau ɗaya ya tafi wajen wannan saplaya. Shi ya sa babu maganar neman a dawo mana da kuɗi kuma babu bashin da muke bin sa.

Ga shigarwar da ta zo ta biyu, wadda ita ce kuskuren:

```
AP-5603  03/12/2024
Dr  6240 Packaging expense   840,000
Dr  1410 Input VAT            84,000
Cr  2100 Accounts payable    924,000
```

Ga kuma gyaran, ita ce dai aka juya, asusu ɗaya, adadi ɗaya:

```
REV-0318  31/12/2024
Dr  2100 Accounts payable    924,000
Cr  6240 Packaging expense   840,000
Cr  1410 Input VAT            84,000
```

Kafin gyaran, bashin da ake binmu ya kumbura da 924,000, kashe kuɗi ya kumbura da 840,000 wanda ke nufin ribar Disamba ta ragu da wannan adadin ba gaira ba dalili, harajin da za mu nemi a cire mana ya ƙaru da 84,000. Kayan sito kuwa bai shafe su ba ko kaɗan, saboda shigarwa ta biyun ba ta bi ta oda ba balle ta taɓa asusun kaya ko asusun GRNI na kayan da aka karɓa ba a shigar da inbois ɗinsu ba, shi ya sa ƙirgen sito na ƙarshen shekara ya daidaita ba tare da ya nuna komai ba. Bayan gyaran balans ɗin V-0412 ya koma 1,386,000, daidai da sitatimen ɗinsa.

Ka tambayi me ya sa babu takardar rangwame daga saplaya. Ai shi bai yi kuskure ba, inbois ɗaya ya fitar kuma ɗaya ne a littafinsa. Da mun roƙe shi ya ba mu takardar rangwame da sai ya rage bashinmu a wajensa da kuɗin da ya cancanta, lissafinsa ya lalace dan a gyara namu, kuma a samu takardar haraji ta abin da bai faru ba. Kuskuren a littafinmu yake, a nan ya kamata a gyara shi. Na dai rubuta masa imel ya tabbatar da balans ɗin 31 ga Disamba, amsarsa tana fayil.

Ban goge AP-5603 ba kuma da gangan ne, ko da sistem zai bari ba zan yi ba. Idan aka goge, lambobin za su yi giɓi, kai kuma ka zo ka tarar da 5602 sai 5604 babu mai iya nuna maka abin da ke tsakani. Yanzu kuskuren yana nan, gyaran yana nan, an ɗaure su da juna a sistem sun share juna, duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga lambar ɗayan. Kuma ta ɓangaren masu kawo kaya na yi juyin, ban yi janal na hannu kai tsaye a babbar leja ba, dan da na yi haka asusu 2100 zai gyaru amma shafin saplayan zai ci gaba da nuna bashin, ƙaramar leja da babba su saɓa, kuma inbois ɗin ya sake fitowa a jerin biya wata rana.

Sai maganar kwanan wata, wadda na san ita ta fi ɗaukar hankalinka. Ranar 9 ga Janairu na shirya gyaran, manajan kuɗi ya duba takardun ya amince ranar 10, sistem yana nuna waɗannan ranakun da sunan kowa, ba mu ɓoye ba. Amma mun sa shi a lissafin 31 ga Disamba saboda a lokacin ba a rufe watan ba, kuma bashin da aka rubuta ɗin babu shi tun a ranar ƙarshen shekara. A fahimtata ƙa'idar lissafi ta IAS 10 ta ce kuskuren da aka gano bayan ƙarshen shekara kafin a amince da fitar da bayanan kuɗi, wanda ya nuna adadin ba daidai ba ne, a cikin shekarar ake gyara shi. Kuskuren da gyaransa duk a 2024 suke, babu bayanan da aka riga aka fitar da shi a ciki, dan haka maganar sake bayanan shekarar baya ta IAS 8 ba ta taso ba. Da mun bari sai Janairu, da ribar 2024 ta ragu da 840,000 ta 2025 kuma ta hau da adadin, shekara biyu ke nan ba daidai ba. Idan kana da wata fahimta daban a kan wannan ina so mu zauna kafin a rufe.

Haraji kuma, ba a kai ga miƙa takardar VAT ta Disamba ba lokacin da muka gyara, 84,000 ɗin sau ɗaya aka nema, a ta Nuwamba. Na sa kwafin duka biyun.

Da na ga yadda wannan ya wuce cikin sauƙi hankalina bai kwanta ba, sai na fitar da duk inbois na shekarar na jera su bisa saplaya da adadi, na cire alamomi da sarari daga lambobin na sake kwatantawa. Guda 7 suka fito masu kama da juna, 6 daga ciki kuɗin wata-wata ne kamar haya da gadi da adadinsu ba ya canzawa, kowanne da watansa da takardarsa, na bakwai shi ne wannan. Jadawalin yana shafi na 11 idan kana son ka zaɓi wasu ka gwada da kanka.

Tun 13 ga Janairu an sa sistem ya riƙa gargaɗi idan saplaya da adadi da kwanan inbois suka zo ɗaya ko da lambar ta bambanta. Saplayan da ake saye a wajensa da oda an rufe masa hanyar mara oda sai manajan kuɗi ya buɗe. Sito kuma duk takardar da direba ya kawo sai an duba ta a sistem kafin ta shiga tiren shigarwa. Na ukun ne har yanzu nake bibiya dan ya dogara da mutane, jiya ma na sake zuwa na tuna musu.

Fayil ɗin yana kan teburin da aka ware muku, a ciki akwai inbois ɗin biyu, PO-1176, GRN-0954, baucan biyan 20 ga Disamba, sitatimen ɗin saplaya da na banki, da takardar amincewar manaja. Ina ofis har ƙarfe biyar, idan kana son ganin tarihin shigarwar a kan allo ka aiko a kira ni in buɗe maka.

Na gode, Allah ya taimaka.

Akanta mai kula da asusun masu kawo kaya