Asusuna yana ta kullewa tun da na canza kalmar sirri

Assalamu alaikum, ma'aikatan sashen kwamfuta. Barkanku da aiki.

Ni ce mai haɗa albashi a sashen kuɗi, ofishin Kano, hawa na biyu. Sunan da nake shiga da shi `kudi-0417`, kwamfutar kuma `KN-FIN-06`, mai Windows 11. Da imel ɗin abokiyar aikina nake rubuto muku, don nawa ba ya buɗuwa.

Ranar Litinin da yamma kwamfutar ta ce wa'adin kalmar sirrina ya cika, na canza, ta karɓa, na ƙarasa aikina lafiya lau. Jiya Talata da ƙarfe 8:10 na safe na sa sabuwar sau ɗaya tak, sai wannan ya fito:

```
The referenced account is currently locked out and may not be logged on to.
```

Na jira kamar minti 15, na sake gwadawa, ta buɗe. Wajen 11:30 na kulle allon na fita, da na dawo saƙon nan ne dai. Yau Laraba sau uku ke nan: 8:05, 9:40 da 10:20. Hoton allon na 10:20 yana haɗe da wannan saƙo.

Na duba Caps Lock a kashe yake, harshen madannai yana kan ENG, kebul ɗin intanet a jone. Na kashe kwamfutar na kunna sau biyu. Abokiyar aikina ta shiga da nata asusun a wannan kwamfutar ba wata matsala, ni kuma na gwada nawa a tata, saƙon bai canza ba. Shi ya sa nake ganin matsalar a asusun take, ba a na'urar ba.

Ga abin da nake zargi, ku ne dai masana. Wayata tana da imel ɗin ofis, tana kuma hawa Wi-Fi na ofis da sunana, kuma duk biyun tsohuwar kalmar ce a ciki. Na lura kullewar farko tana zuwa ne daidai shigowata ofis da wayar a jaka. Mai yiwuwa ita ke ta gwada tsohuwar har a kulle ni. Na kashe ta tun 10:30, ban goge komai ba sai na ji daga gare ku.

Don Allah ku buɗe min asusun, ku kuma duba daga wace na'ura gwajin da ba daidai ba yake fitowa. Ban rubuta kalmar sirrin a nan ba, ban kuma ba kowa ba. In sai an sake ta, gara in zo da katin aikina.

Jadawalin albashin wannan wata dole ya isa teburin manaja gobe Alhamis kafin ƙarfe 12, kuma da asusuna kaɗai ake buɗe shi. Ina kan kujerata har 4:30, ban da lokacin azahar. Layin teburina 214.

Na gode, Allah ya taimaka.

Jami'ar albashi, sashen kuɗi