Takardar Neman Aikin Kodineta

Zuwa ga Shugabar Sashen Ɗaukar Ma'aikata

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman gurbin kodineta da kuka tallata a shirinku na samar da ruwan sha a ƙauyuka. Ni malamar sakandare ce, shekara 9 ina koyar da kimiyya. Na san za ki duba takarduna ki ga babu inda aka rubuta kodineta, shi ya sa nake so in nuna miki inda aikin yake a ciki.

Kowane zango yana zuwa da ranar jarrabawa wadda ba ta matsawa saboda kowa. Daga wannan rana nake lissafi da baya: in raba manhaja mako-mako, in ware abin da dole sai an gama shi kafin a shiga na gaba, in bar ɗan sarari domin ruwan sama ko rashin lafiya. Idan mako ya kufce, a ranar nake sake tsari, ba na jiran ƙarshen zango. Sanarwarku ta ce kodineta ne zai riƙe jadawalin haƙa rijiyoyi, ya kuma sanar da manaja da wuri idan an samu tsaiko. Aikin da na saba ke nan.

Abin da ya fi koya mini aiki shi ne shugabancin kwamitin baje kolin kimiyya na makarantarmu a 2022 da 2023. Malamai 6 ne a kwamitin, babu wanda nake da ikon ba shi umarni, wasu ma sun girme ni a aiki. Ga iyaye, ga masu kawo kaya, ga shugaban makaranta da ke son jin inda kowane kuɗi ya shiga. Na gane cewa ba a cika samun wanda ya ƙi aiki ba. Yawanci ba a faɗa masa takamaiman abin da zai yi da ranar da ake so ba ne. Don haka bayan kowane taro nake tura wa kowa nasa a rubuce, sannan in bi sawu. Baje kolin duka biyun an yi su a ranar da aka sa, kuma kuɗin da aka ware ya isa, da rasit na komai.

Rahoto kuwa abin yau da kullum ne: rajista da sakamakon ɗalibai sama da 180 nake riƙewa a Excel.

Ban taɓa rubuta wa masu ba da tallafi rahoton kuɗi ba, kuma a nan zan buƙaci jagora a watannin farko. Zama da masu unguwanni da kwamitocin ruwa kam ba zai zame mini baƙo ba, don wanda ya saba shawo kan uban da ya zo makaranta a fusace ya san yadda ake sauraro kafin a yi magana.

Na haɗa da takardar tarihin aikina da shaidar shugaban makarantarmu. Zan iya fara aiki da zarar an rufe wannan zango.

Na gode, ki huta lafiya.

Malama Zainab